Takardar amincewa ga matan da ambaliya ta raba da 'ya'yansu: me za a ce game da kuka da kuma fasawa?

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ina digiri na biyu, kuma zan yi hira da mata talatin a ƙauyukan wajen Auyo da Kafin Hausa waɗanda suka rasa 'ya'ya ko mazaje a ambaliyar 2022. A takardar amincewa na rubuta: "Babu wani haɗari a cikin wannan bincike. Kina iya janyewa a kowane lokaci ba tare da wani hukunci ba." Mai duba aikina ya ce kada in ambaci kuka ko ɓacin rai, don kada matan su tsorata su ƙi. Wannan ya wadatar?

Amsa: Ƙanwata, bai wadatar ba, kuma jimlar farko ba gaskiya ba ce. Za ki zauna a kan tabarma gaban macen da katangar ɗaki ta faɗo wa ɗanta cikin dare, ki ce ta ba ki labarin daren daga farko har ƙarshe. Kin san za ki fama mata ciwo, ita ma da ta ji tambaya ta biyu za ta sani. Idan takardarki ta riga ta ce babu komai, to daga wannan lokacin ta gane cewa abin da aka karanta mata ba abin dogaro ba ne, kuma sauran alkawuran da ke ciki, na rufin asiri da na damar fasawa, sun faɗi tare da shi.

Na fahimci tsoron mai duba aikinki, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinsa. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan mutanen da suka shiga irin wannan hira sun nuna cewa mafi yawansu, har waɗanda suka yi kuka, ba sa nadamar shiga daga baya. Da yawa ma suna cewa sun ji sanyi don an saurare su. Saboda haka bai dace ki cika takarda da gargaɗi mai razanarwa kamar za a yi wa mutum tiyata ba, don wannan ma karkata gaskiya ce ta ɗaya gefen. Amma akwai 'yan kaɗan da abin yake tasar musu sosai: barci ya ƙaurace musu kwana biyu ko uku, mafarkin ruwa ya dawo, gabansu ya riƙa faɗuwa in an yi tsawa. Ba ki da hanyar sanin wace ce cikin talatin ɗin kafin ki fara. Ita ce za ta iya auna kanta, kuma ba za ta iya ba sai kin gaya mata abin da za ki tambaya. Macen da ta ƙi bayan ta ji gaskiya ba asara kika yi ba, aikin takardar ke nan ya yi.

Ga yadda nake faɗa, da baki kafin a zo ga takarda:

"Inna, zan tambaye ki abin da ya faru daren da ruwa ya shigo, da wanda kika rasa, da yadda kike kwana da tashi tun daga lokacin. Tuna irin wannan yana sa wasu kuka ko faɗuwar gaba, wasu kuma barcinsu yakan lalace na kwana kaɗan bayan hirar. Wasu kuwa sauƙi suke ji in sun faɗa. Ban san yadda zai zame miki ba, ke ce kika fi ni sanin zuciyarki. In hawaye ya zo ba laifi ba ne, kuma ba rashin haƙuri ba ne. Zan kashe rikoda mu dakata."

Ki lura da maganar rashin haƙuri. Ba ado ba ce. A wajenmu mace ta sha jin "a yi haƙuri, Allah ya fi mu son shi" tun ranar rasuwa, har ta kai tana ganin kuka bayan shekaru kamar gazawa ce a tawakkali. Idan kuma ɗan fari ne ya rasu, ga kunyar ɗan fari a kai: ba ta kama sunansa ba yana raye, balle ta yi kukansa a gaban baƙuwa. Irin wannan macen ba za ta yi kuka ba. Shiru za ta yi, ta sunkuyar da kai, ta riƙa murza bakin mayafi ko tsinken tabarma, amsarta ta koma "e" da "haka ne". Wanda yake jiran hawaye kafin ya san an kai maƙura zai wuce ta bai gani ba. Shi ya sa nake ƙara faɗa mata tun farko cewa ba sai ta ambaci sunan kowa ba, ta ce "yaron" ko "mai sunan Malam", duk yadda ta saba.

Kafin in zo ga fasawa, bari in tsaya a kan kalmomin da kika zaɓa, don a nan ne takardun da aka fassaro daga Turanci suka fi yin ɓarna. "Bincike" a jami'a abu ɗaya ne, a ƙauye kuma abin da 'yan sanda ko jami'an gwamnati suke zuwa yi ne in an yi laifi. Ki ce "karatu nake yi, kuma wannan hira tana cikin karatuna". "Haɗari" a kunnen mutum hatsarin mota ne, kuma ga wadda ruwa ya ci gidanta kalmar tana daf da hadarin sama. Ki bar ta, ki faɗi abin da zai iya faruwa da sunansa. "Janyewa" ta kotu ce da ta 'yan takara: a janye ƙara, a janye wa wani. Mutanen ƙauye "fasa" suke cewa, ko "na bari", ko "ya isa haka". Mafi muni ita ce "ba tare da hukunci ba". Matar da ba ta taɓa tunanin akwai hukunci a cikin hira ba, ke ce kika jefa mata tunanin. Kuma kada ki rubuta cewa shiga "ta sa-kai ce", don a yankunanmu 'yan sa-kai wasu mutane ne daban. "Ganin damarki ne" ya fi.

Ƙa'idojin binciken lafiya na Najeriya, waɗanda kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ya fitar a 2007, sun ce a rubuta takardar amincewa yadda wanda bai wuce shekara 9 a makaranta ba zai fahimta, kuma kada ta wuce shafi 8. Wannan iyaka ce ta sama. Yawancin matan da za ki gani ba su yi boko ba, wasu suna karanta ajami. A wajensu takardar ita ce abin da ya fito daga bakinki. Don haka ki rubuta ta yadda za a faɗe ta, ki karanta wa wata dattijuwa da ba ta cikin nazarin, ki ga inda ta ɗaure fuska.

Yanzu ga fasawa, wadda ita ce ainihin matsalar. Tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 ake maimaita cewa mutum yana da damar ƙi da damar fita. Rubuta wannan ba wuya. Wuyar ita ce a ƙauyen da za ki je kusan komai yana hana mace amfani da damar. Kin shigo da takardar hakimi. Bulama ko mai unguwa ne ya haɗa ki da yaron da ya rako ki ƙofar gida. Maigida ya amsa sallamarki a zaure ya ce "ku shiga, tana ciki". An shimfiɗa miki tabarma, an kawo ruwa. Kafin ki buɗe baki mutum uku da take jin nauyinsu sun riga sun ce to a madadinta, ke kuma kin zama baƙuwa, kuma ba a korar baƙo. In kika tambaye ta ta yarda, za ta ce "to, ba komai" ko "yadda kuka ce". Wannan kara ce, ba amincewa ba ce.

Ba ina cewa ki tsallake bulama ko maigida ba. Ba za ki iya ba, kuma bai kamata ba, don kina iya jawo wa matar fitina bayan tafiyarki. Amma izininsu na shiga gari ne da shiga gida. Ki faɗa musu haka tun a zaure, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ƙa'idar makarantarmu ita ce kowace mace sai ta amsa da kanta, kuma ba a ba mu damar faɗin wadda ta amsa da wadda ba ta amsa ba." In kika ɗora abin a kan ƙa'ida, ba wanda zai ji an raina shi. Sannan a takardar a rubuta shi ɓaro-ɓaro: "Bulama da maigida sun ba ni izinin shigowa, amma ba su amsa a madadinki ba. In kin ƙi, ba zan gaya musu ba." Domin wannan alkawari ya tsaya, sai ki zauna da wadda ta ƙi na ɗan lokaci, ku yi hirar damina da tsadar gero minti goma sha biyar, yadda wanda ke tsakar gida ba zai gane ba. Idan kina fitowa daga ɗakin mai ƙi bayan minti biyu, kin tona ta ko ba ki ce uffan ba.

Abu na biyu da ke ɗaure mata ƙafa shi ne tallafi. Tun bayan ambaliya duk wanda ya zo da takarda da biro yana rubuta sunaye, a saninsu rajistar tallafi yake yi, ko ta shinkafa ko ta kwanon rufi ko ta kuɗi. Kina iya cewa ke ɗaliba ce sau goma, za a ce ai haka suke cewa. Macen da ta yi imani cewa sunanta zai shiga jerin tallafi za ta daure ta ba ki labarin gawar ɗanta har ƙarshe ko zuciyarta na tsagewa, don tana ganin wannan ne kuɗin shiga. Maimakon "ba tare da hukunci ba", ki ambaci abubuwan da take tsoron rasawa ɗaya bayan ɗaya: "Ba daga gwamnati nake ba, ba daga masu rabon tallafi nake ba. Wannan hira ba za ta sa sunanki a kowane jeri ba, kuma ƙin yinta ba zai cire shi daga kowane jeri ba. Maganin da kike karɓa a asibitin garinku ba ruwansa da ni." Haka kuma ki faɗa cewa ke ba likita ba ce kuma hirar ba magani ba ce, don wasu za su zauna da fatan za ki ba su abin da zai sa su barci.

In akwai ɗan abin da za ki bayar na lokacinta, sabulu ko kuɗin mota, ki miƙa shi kafin a fara, ki ce nata ne ko an yi hirar ko ba a yi ba. Abin da ake bayarwa a ƙarshe ya zama lada ga wadda ta jure, kuma wadda take so ta tsaya a tsakiya tana kallonsa a jakarki. Kuma ya zama kaɗan. Abin da ya kai kuɗin cefanen mako a gidan da ruwa ya cinye rumbunsa ya fi ƙarfin a ce masa a'a.

Sai dangwale. Mutanen Kano da Jigawa suna da dalilin ɗari-ɗari da takardar masu bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, kuma iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin Kano a wajen kotu a 2009. Ko wadda ba ta san sunan maganin ba ta gaji rashin yardar. Ban da wannan, dangwala yatsa a ƙauye na cinikin gona ne da bashi da zaɓe, wato abin da in an yi ba a warwarewa. Sai ga ki kina cewa "dangwala nan, amma kina iya fasawa". Hannu yana faɗin abu ɗaya, baki yana faɗin wani. Ki nemi kwamitin ɗa'a da zai duba aikinki ya amince miki da amincewar baki, wadda za a naɗa a rikoda ko a yi gaban shaida, ki rubuta musu dalili. In sun dage sai an dangwala, to a faɗa mata: "Wannan shaida ce cewa na yi miki bayani, ba alkawari ba ne cewa sai kin gama." Shaidar kuma ita za ta zaɓa. Kada ya zama ɗan bulama, ko kishiya, ko uwar miji, kuma da an gama shaidar ya fita kafin a fara hirar.

Akwai wani gyara da "a kowane lokaci" ke buƙata, don shi ma bai cika gaskiya ba. Fasawa iri uku ce, kuma ya kamata ta ji kowanne daban. Tana iya tsallake tambaya ɗaya a ci gaba. Tana iya tsayar da hirar gaba ɗaya. Tana kuma iya dawowa bayan kin tafi ta ce a goge abin da ta faɗa. Biyun farko ba su da iyaka. Na ukun yana da ita: ranar da kika cire sunaye kika gauraya maganganu, kika miƙa kundinki ko aka buga shi, ba za ki iya zare maganarta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar janye amincewarsa, amma ba ta dawo da abin da aka riga aka buga. To ki faɗi iyakar da ranar da za ta iya riƙewa. "Har zuwa ƙarshen watan shida" ba ya zama a kai kamar "daga yau har zuwa Babbar Salla". Ki zaɓi ranar da kika tabbata ba za ki miƙa aiki kafinta ba, ki ba da aƙalla wata biyu. In kuma kina tunanin tara matan a yi hira a rukuni don sauƙi, ki sani abin da mace ta faɗa gaban maƙwabta ba ya gogewa. A irin wannan batu ni ba na yin rukuni.

Kuma ta wace hanya za ta fasa bayan kin koma makaranta? Takardu da yawa suna ƙarewa da adireshin imel na shugaban kwamiti. Wannan ba hanya ba ce ga macen da wayar gidan tana aljihun mijinta. Ki ba ta ɗan kati mai lambar wayarki da lambar da kika ba hirarta, babu sunanta, babu abin da ke nuna batun. Ki ce ta yi filashin ke za ki kira, ko ta aiko da katin ta hannun wanda ta yarda da shi zuwa wajen ma'aikaciyar asibitin garin da kuka yi magana da ita, kuma dawowar katin kaɗai ta isa, ba sai ta faɗi dalili ba.

Bari in ba ki abin da ya faru da ni, don a nan na koyi yawancin wannan. Shekarun baya na yi hira da mata a wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja bayan wata ambaliya da ta gabaci wannan. Wata mata mai kimanin shekara arba'in, wadda ɗaki ya rufta wa 'yarta, ta ce to tun kafin in gama karanta takardar. Na ji daɗi, na ɗauka na dace da mai sauƙin kai. Minti ashirin muna tafiya lafiya a kan yadda ruwa ya taso da inda suka kwana. Da na ce "wa ya fara shiga ɗakin da safe?", sai ta ɗaga kai ta ce, "Bari in duba tukunya." Na ce to, ina jira. Ta fita, ta dawo, ta zauna. Na maimaita tambayar. Ta amsa, da murya ƙasa-ƙasa, ba hawaye, idonta a kan bango. Sai da na fito na lura murhun a kashe yake, ko hayaƙi babu. Ta ce mini ya isa da irin harshen da mace mai kunya take da shi, ni kuma ina jiran kalmar da ke cikin takardata.

Daga ranar na sauya abu biyu. Na farko, ina ba mace hanyar tsayawa da ba ta buƙatar ta ce wa baƙuwa a'a. Ina ajiye rikodar kusa da ita, in nuna mata maɓallin, in ce in ta ɗora hannu a kai ko ta ce "mu sha ruwa" zan tsaya ban tambayi dalili ba. Har gwadawa muke yi sau ɗaya kafin a fara, don abin da hannu ya taɓa yi ya fi sauƙin maimaitawa. Na biyu, ba na ɗaukar amsar farko a matsayin ta dukan hira. Kafin in shiga sashe mai nauyi nakan ce, "Yanzu zan tambayi abin da ya shafi yarinyar. Mu shiga, ko mu tsallake?" Ki lura ban ce "in ci gaba?" ba. Tambayar da amsarta e ko a'a ce, kara za ta sa a ce e. In kika ajiye mata zaɓi biyu a gabanta, duk wanda ta ɗauka ba ta ƙi ki ba.

In kuka ya zo, ko irin wannan shirun, abin yi kaɗan ne amma a yi shi a jere. A kashe rikoda yadda za ta gani. A yi shiru tare da ita, kada a yi saurin cewa "yi haƙuri", don a kunnenta yana nufin ki daina. A miƙa ruwa. In kin ga hankalinta ya tafi, tana kallon wuri ɗaya ko jikinta na rawa, ki kira ta a hankali, ki dawo da ita ga abin da ke gabanta: ki tambayi sunan jaririn da ke bayanta, ko wa ya saƙa tabarmar. In ta natsa, ki ba ta zaɓi: a ci gaba, a bari sai wata rana, ko a bari gaba ɗaya. In ta zaɓi na ƙarshe, ki tambaye ta abin da aka riga aka naɗa, a ajiye ko a goge, in ta ce a goge ki goge a gabanta. Kada ki tashi ki tafi tana cikin wannan hali, kuma ki tambaye ta wa take so ya zauna da ita. Ki koma ko ki kira bayan kwana biyu ko uku, amma ki nemi izinin hakan tun a takarda, don dawowar baƙuwa gida ɗaya tana jawo tambaya.

Wannan ya kawo mu ga jimlar da ɗalibai suke son rubutawa: "Za a haɗa ki da masu ba da shawara in kin buƙata." Kada ki rubuta sai kin san sunan mutumin, da ranar da yake aiki, da kuɗin mota zuwa wajensa, da wanda zai biya. Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau a Kano tafiya ce mai nisa daga Auyo, kuma sunansu kaɗai ya isa ya sa iyali su ƙi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ki je babban asibiti mafi kusa da ƙauyukanki, ki sami ma'aikacin jinya ko likitan da ya yarda ya ga wadda kika turo, ki ware kuɗin mota na mutum uku ko huɗu a kasafinki. Abin da kika shirya kaɗai za ki yi alkawarinsa. Wadda take buƙatar turawa kuwa ana gane ta: ta ce wata da watanni ba ta barci, ta daina zuwa bakin ruwa ko shiga ɗakin kwata-kwata, ta kasa kula da sauran yaran, ko ta ce gara ita ma ta bi shi. Wannan na ƙarshen ba a jira da shi. Kuma saboda shi ne rufin asirin da za ki yi alkawari yake da iyaka da dole ki faɗa tun farko: "Abin da kika gaya mini ba zai fita da sunanki ba, sai dai in na ji ranki ko ran wani yana cikin hatsari. A nan zan nemi taimako, kuma ke zan fara gaya wa." Wasu ɗalibai suna ɓoye wannan don kada a ƙi su. Ɓoye shi ya fi faɗinsa illa, don ranar da kika buƙaci karya sirrin za ki zama kin ci amana.

Idan kin gama bayani, kada ki ce "kin gane?". Ki ce, "Inna, don in tabbata na faɗa daidai, in maƙwabciyarki ta tambaye ki me ya kawo ni, me za ki ce mata? In kin ƙi, me zai faru da tallafi? In muna tsakiya kika gaji, ya za ki yi?" In ta ce ai kin zo rubuta waɗanda za a taimaka wa, ba ta amince da abin da kike yi ba tukuna, ta amince da wani abu daban. Ki sake bayani da wasu kalmomi. In a karo na biyu ma haka ne, ki yi godiya ki bar ta. In da hali, ki yi bayanin yau ki dawo hira gobe, don ta kwana da shi ba idonki a kanta. Za ki rasa wasu ta wannan hanya, don haka in talatin kike so ki shirya tunkarar fiye da haka.

Ita matar da ta ce za ta duba tukunya, na koma wajenta bayan kwana uku na ba ta haƙuri, na ce na gane ta so mu tsaya ban tsaya ba. Ta ce ba komai. Na ce ina da maganarta a rikoda, in ajiye ko in goge. Ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta ce a bar na ruwa da na inda suka kwana, don a san wahalar da suka sha, amma na safiyar a cire. Ban taɓa rubuta wannan zaɓi a takardata ba, cewa mutum zai iya fasa rabi ya bar rabi. Na mayar da hirar baya har inda ta ce za ta duba tukunya, na nuna mata, na yanke daga nan. A takardarki ki sa wannan layin ma: "Kina iya cewa a ajiye wani sashe a goge wani, ke za ki nuna inda za a yanke."